An San Ranar Haihuwa, Ba A San Sa'a Ba: Me Ya Rage Wa Mai Duban Taurari?

A unguwar Wunti ta birnin Bauchi, kamar sauran tsofaffin unguwanninmu, galibin manya a gida aka haife su, kuma ungozoma ba ta riƙe agogo. Wanda ya yi sa'a ya san ranarsa, amma in aka tambaye shi lokaci, sai ya ce gyatumarsa ta ce da asuba ne. Wannan kuwa babbar matsala ce ga masu zana taswirar taurarin haihuwa, gama rabin aikinsu a kan sa'a ya rataya.

Dalili shi ne, sama tana juyawa daraja ɗaya cikin kowane minti huɗu. Burujin da ke ɓullowa daga gabas lokacin da jariri ya faɗo, watau ɗali'i, yana sakewa cikin abin da bai gaza sa'a ɗaya da minti arba'in ba, bai kuma wuce sa'a biyu da kwata ba a sararin Bauchi. Daga ɗali'i ake ƙirga gidaje goma sha biyu da ake jingina wa dukiya da aure da 'ya'ya da sarauta. Saboda haka in babu sa'a, babu ɗali'i, babu gidaje, duk maganar da aka gina a kansu kuwa kame-kame ce.

Abin da ya rage shi ne mazaunin taurari masu tafiyar hawainiya. A ɗauki misalin yaron da aka haifa a Wunti ran Asabar, 1 ga Oktoba, 1960, ranar samun mulkin kai. Masu wannan sana'a sukan yi lissafi kamar da tsakar rana aka haife shi, don kada kuskure ya wuce na rabin yini. Rana tana daraja ta 8 cikin Mizan, tafiyarta kuwa daraja ɗaya ce a yini, don haka ba ta da gardama. Mushtari yana ƙarshen Ƙausu, Zuhal yana Jadyu, inda yakan yi shekara biyu da rabi. Waɗannan uku tabbatattu ne ko da wane lokaci aka haife shi.

Wata shi ne mai wuyar sha'ani, don yana cin daraja goma sha biyu zuwa goma sha biyar kullum. A tsakar ranar nan yana wajen daraja ta 23 cikin Dalwu. In aka rage bakwai yana nan cikin Dalwu, in kuwa aka ƙara bakwai ya kai bakin iyakar burujin Kifi. Ashe ke nan haihuwar safe ko ta yamma ba ta da shakka, amma ta tsakar dare sai a ambaci buruji biyu.

Shaidar tsofaffi tana rage nisa, amma ba ta kashe magana. Rana ta fito Bauchi kusan ƙarfe shida da minti goma a ranar, kuma a daidai fitowarta ɗali'i shi ne Mizan. Amma rabin sa'a da 'yan mintoci kafin nan Sumbula ne. To, kalmar "asuba" ta haɗa su duka biyu. Akwai kuma wani tarko: a lissafinmu dare yana gaba da yini, daren Asabar shi ne wanda ya fara da magaribar Juma'a. Wanda bai lura ba sai ya gusar da Wata tafiyar yini guda.

Magabata sun nemi mafita. Baɗalimusa na Iskandariya ya bayyana dabarar ƙiyasta ɗali'i tun ƙarni na biyu, na baya kuma suka riƙa daidaita sa'a da shekarar aure ko ta rasuwar iyaye. Aibinta shi ne, mai lissafi yakan zaɓi sa'ar da ta dace da labarin da ya riga ya ji. A ƙasar Hausa, wadda ta haifi Muhammadu al-Katsinawi, mai littafin Durrul Manzum, wanda ya rasu a Alkahira a 1741, an fi komawa ga hisabi: a haɗa adadin haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa, a raba da goma sha biyu, abin da ya saura shi ne burujinsa. Sai dai wannan burujin suna ne, ba na sama ba, domin Audu ɗan Hauwa na Wunti da takwaransa na Katsina amsa ɗaya za su samu ko da shekara ashirin ce tsakaninsu.

Ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Mazaunin Rana da Wata lissafi ne da kowa zai iya bincikawa. Cewa su ke tsara halin mutum ko arzikinsa kuwa, gwajin da Shawn Carlson ya buga a mujallar Nature a 1985 bai same shi ya fi dace ba, malaman Musulunci kuma sun halatta sanin taurari don alƙibla da lokutan salla da damina, sun hana neman gaibu da su. Wanda duk ya faɗa wa mutum gidan aurensa ba tare da sanin sa'ar haihuwarsa ba, ya saɓa wa ƙa'idar sana'arsa tun kafin a zo ga hukuncin malamai.