Fil ɗin da ke riƙe da agogonka

Maɗaurin agogo yakan tsufa tun agogon na da sauran ƙarfinsa: gumi ya ci fata, roba ta tsage. Sauya shi aikin gida ne, muddin an fara da awo.

Abin da ake aunawa shi ne ratar da ke tsakanin kunnuwa biyun nan da maɗauri ke shiga, daga ciki zuwa ciki, da milimita. Kifa agogon a kan ƙyalle mai laushi ka ɗora rula. Kada ka auna tsohuwar fata, domin takan tsuke. Agogon maza galibi 18, 20 ko 22 ne. In ka ga 20/18 a jikin maɗauri, lambar farko ce taka. Ta biyun faɗin wajen makulli ne.

Tsakanin kunnuwan akwai fil, wato siririn bututu mai sifirin a ciki, wanda ke tura bakuna biyu cikin ramukan kunnuwa. Na gargajiya sai an danne shi da ɗan ƙarfe mai baki biyu, shi ya sa ake manna salatif a kunnuwa kada a karce su. Na zamani kuwa yana da ɗan maɓalli a bayan maɗauri: ka ja da farce, baki ɗaya ya shige, maɗauri ya fita.

To, a nan ake yin asara. Fil mai maɓalli a cikin maɗaurin yake zuwa, don haka in maɗauri bai yi daidai ba, shi ma fil bai yi ba. A ce ratar agogonka 19 ce, mai shago ya ce ɗauki 18, ai duk ɗaya ne. Zai shiga, har ya yi kamar ya zauna. Amma bakunan da ƙyar suka kama ramuka, kuma duk ranar da maɗaurin ya maƙale a hannun ƙofa, agogo sai ƙasa. Gara ka jira 19 ɗin.

Kauri ma abin dubawa ne. Yawancin fil milimita 1.5 ko 1.8 ne, amma agogunan ninƙaya na Seiko da yawa nasu 2.5 ne, ramukansu kuma sun fi faɗi. Siririn baki a irin wannan rami kaɗawa zai yi ta yi yana cin ƙarfe. Agogo mai nauyi irin wannan, ni dai zan bar masa fil ɗinsa na asali.

Wajen sakawa, ɓangare mai makulli yana gefen ƙarfe 12, mai huji kuma gefen 6. Zura baki ɗaya a raminsa, ja maɓallin, saita ɗayan ka saki, har ka ji ƙas. Sannan ka ja maɗaurin da ɗan ƙarfi ta kowane gefe, a saman ƙyallen, ba a tsaye kan siminti ba. In ya motsa ko ka hango fil ta gefe, cire shi ka sake awo.