Shekara guda ana biya, bashi bai motsa ba: ina kuɗin suke tafiya?

Ana yawan ganin wannan rigima a gaban teburin ma'aikacin banki. Mutum ya ci bashi, an yi wata goma sha biyu ana zare masa daga albashi ba fashi, sai ya sami 'yan kuɗi ya ce bari ya je ya ji nawa ya rage. A buga masa takarda, ya duba, ya ga bashin kamar jiya aka karɓo shi. Nan da nan ransa ya ɓaci, ya ce an cuce shi. Sau da yawa kuwa babu wanda ya taɓa masa kwabo ta bayan fage. Abin da ya gani yana rubuce tun ranar farko a jadawalin biyan bashin, wato takardar nan mai layi-layi da ake haɗawa da yarjejeniya, wadda yawancinmu muke ninkewa mu jefa a durowa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ma'aikaci ya karɓi naira 5,000,000 don ya ƙarasa gini, da kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, zai biya cikin shekara 5, wato wata 60. Banki yana raba kashi 24 ɗin nan gida goma sha biyu, ya zama kashi 2 cikin ɗari kowane wata. Abin da za a riƙa zare masa duk wata shi ne naira 143,840, kuma wannan adadin ba ya canjawa daga watan farko har na ƙarshe. Mai kwamfuta yana iya tabbatarwa da kansa a Excel:

```
=PMT(0.02,60,-5000000)
```

Rashin canjawar adadin nan shi ne yake ruɗa mutane. Tun da abin da ke fita daga aljihu ɗaya ne kowane wata, sai a zaci bashin ma yana raguwa da taki ɗaya. Alhali kowane biya kashi biyu ne a dunƙule: akwai kuɗin ruwa, akwai abin da ake ragewa daga uwar kuɗi. Kuɗin ruwa ake fara cirewa, abin da ya saura shi ne yake taɓa bashin. Shi kuma kuɗin ruwan ana lissafa shi ne a kan abin da ake bin mutum a wannan watan.

A watan farko duka miliyan biyar ɗin tana hannunsa. Kashi 2 cikin ɗari nata naira 100,000 ne. Idan aka cire wannan daga 143,840, saura 43,840, kuma iyakar abin da bashin ya ragu ke nan. A wata na biyu ana binsa 4,956,160, don haka kuɗin ruwa ya ɗan sauka zuwa 99,123, abin da ya shiga uwar kuɗi ya ɗan hau zuwa 44,717. Bambancin bai kai naira dubu ɗaya ba. Haka za a yi ta tafiya, ruwa yana ja da baya kaɗan-kaɗan, rabon uwar kuɗi yana ƙaruwa da kashi 2 cikin ɗari kowane wata.

Wanda ya taɓa kama hayar shaguna zai gane abin da sauri. A ce ka kama shago hamsin a kasuwa, kana mayar wa mai su ɗaya bayan ɗaya. Watan da duka hamsin ɗin suke hannunka hayarka ta fi yawa, ranar da ya rage saura biyu kuwa hayar ba ta taka kara ta karya ba. Banki haka yake kallon kuɗinsa, yana cajin zaman da suka yi a hannunka, kuma a farkon bashi ne suka fi yawa a hannun naka.

To, ga mutuminmu bayan shekara guda. An zare masa kimanin naira 1,726,000. Daga ciki wajen 1,138,000 kuɗin ruwa ne, 588,000 kacal suka rage bashi, ana binsa kimanin 4,412,000. Wato cikin kowace naira uku da ya biya, kusan biyu ruwa ya cinye. Sai a wata na 26 ne rabon uwar kuɗi yake kamo na ruwa ya wuce shi da ƙyar, 71,924 da 71,916. A wata na 30, lokacin da yake ganin ya ci rabin tafiya, ya riga ya biya sama da miliyan huɗu da dubu ɗari uku, amma har yanzu ana binsa kimanin 3,221,500. Daga nan ne gangara take farawa. A biyan ƙarshe kuɗin ruwa naira 2,820 ne kawai, sauran 141,000 da 'yan kai duk uwar kuɗi ce. Jimillar abin da zai biya ta kai wajen 8,630,000.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a raba uwar kuɗin daidai ba? Ana iya yi, kuma akwai masu ba da bashi a haka. Miliyan biyar a raba 60 ta ba da 83,333 kowane wata, a ɗora ruwan watan a kai. Jimillar ruwan za ta fi sauƙi, naira 3,050,000 maimakon wajen 3,630,000, amma biyan farko zai zama 183,333, yana sauka a hankali. Mai albashi ya fi son adadi guda da zai tsara cefanensa a kai, banki ma yana auna biyan da abin da albashin zai iya ɗauka. Farashin wannan sauƙin shi ne uwar kuɗi tana jinkirin raguwa.

Abu biyu ne suke ƙara tsananta lamarin, tsadar ruwa da tsawon wa'adi, kuma na biyun ya fi yaudara. Idan mutuminmu ya roƙi a shimfiɗa masa bashin zuwa shekara 10, biyan wata zai sauka zuwa 110,240, ya ji kamar an sauke masa kaya. Sai dai ruwan watan farko yana nan a 100,000, domin bashin bai canja ba. Duk sauƙin da ya samu daga rabon uwar kuɗi aka yanko shi, ya koma 10,240. A ƙarshe zai biya fiye da miliyan goma sha uku a kan miliyan biyar.

Ko ruwa mai rangwame bai tsira daga wannan ba idan wa'adi ya yi tsawo. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a Najeriya a 1992, wanda bankin lamunin gidaje na tarayya yake kula da shi, yana ba da rance a kashi 6 cikin ɗari har zuwa shekara 30. Miliyan biyar a wannan tsari biyanta naira 29,978 ne a wata. A watan farko 25,000 ruwa ne, 4,978 uwar kuɗi, kuma sai a shekara ta 19 rabon uwar kuɗi zai haura na ruwa.

Amfanin sanin wannan lissafi yana fitowa ne ranar da kuɗi suka faɗo wa mai bashi, ko na adashi, ko na amfanin gona, ko bashin albashi da aka biya a dunƙule. A ce mutuminmu ya sami naira 500,000 a ƙarshen shekarar farko, ya zuba ta a uwar kuɗi, ya ci gaba da biyan 143,840 kamar da. Wata 48 da suka rage masa za su koma 40, kuma zai tsira da kuɗin ruwa wajen naira 700,000. Idan kuwa ya jira sai ƙarshen shekara ta huɗu ya zuba wannan 500,000 ɗin, abin da zai tsira da shi bai wuce wajen 113,000 ba. Kuɗi ɗaya ne, amma na farkon ya kashe ruwan shekara huɗu, na biyun na 'yan watanni. Akwai sharaɗi biyu dai. Dole a faɗa wa banki a rubuce cewa kuɗin na rage uwar kuɗi ne, in ba haka ba suna iya zama a asusu ana zarar biyan wata daga ciki, ruwa yana tafiya yadda yake. Sannan a duba yarjejeniya ko akwai tarar biya kafin wa'adi, a auna ta da abin da za a tsira da shi.

Inda cuta ta gaskiya take ɓuya wani wuri ne dabam. Wasu masu ba da bashi suna lissafa ruwa a kan ainihin kuɗin da aka karɓa tun farko, har ƙarshen wa'adi, kamar ba a taɓa biyan komai ba. Kashi 24 a wannan tsari a kan miliyan biyar 1,200,000 ne kowace shekara, miliyan shida a shekara biyar, a biya miliyan goma sha ɗaya gaba ɗaya. A baki kashi 24 ne, amma idan aka auna shi da ma'aunin ragowar bashi ya kai wajen kashi 37. Gane shi ba wuya: a duba layin kuɗin ruwa a jadawali. In yana sauka wata bayan wata, a kan ragowar bashi ake lissafi. In adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, to ana biyan hayar shagunan da aka riga aka mayar.

Haka nan a duba ko ruwan a tsaye yake ko yana bin kasuwa. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, kuma masu bashin da ruwansu yake bin kasuwa sun ga an sake musu jadawali, ko biyan wata ya hau, ko wa'adi ya ƙaru.

Da yawa daga masu karanta wannan ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda haramcin riba, sun fi zuwa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. A cinikin murabaha banki yana sayen kayan ne ya sayar wa mutum da riba sananniya, kuma farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa. To amma a can ma akwai jadawalin biya, kuma tambayar da ta kamata a yi kafin sa hannu ita ce, idan na biya duka a tsakiyar wa'adi, za a yafe mini wani abu daga ribar? Tun da farashin ya riga ya zama bashi a wuyan mai saye, rangwamen ya danganta da tsarin bankin, gara a ji amsarsa tun kafin a ɗauki kaya.

Wanda yake son ya binciki jadawalinsa a yau, wayarsa ta ishe shi. Ya ɗauki ragowar bashin watan jiya, ya ninka da ruwan shekara, ya raba 12. Abin da ya fito ya kamata ya yi kusa da kuɗin ruwan da aka rubuta masa na wannan watan. Ɗan bambanci yana iya fitowa domin wasu bankuna da kwanaki suke lissafi, watan Fabrairu ya fi na Maris sauƙi. Idan tazarar ta kai dubbai masu yawa, sai ya ɗauki jadawalin da takardar yarjejeniya ya nufi banki, ya nemi a nuna masa layin da ƙarin ya fito.