Ko Kun Sani? Ƙurajen da Ba a Jira da Su

Wasu magunguna sanannu, irin su Saftirin da Fansida masu ɗauke da sinadarin salfa, da maganin farfaɗiya kamar kabamazafin da fenitoyin, da kuma alofurinol da ake sha domin ciwon gaɓoɓi na gawut, kan jawo wa wasu tsirarun mutane mummunar cutar fata mai iya kisa. Ba ta fitowa a ranar farko. Galibi takan bayyana ne tsakanin kwana 4 zuwa mako 4 da fara shan ƙwayar, shi ya sa ba a cika zargin maganin ba.

Takan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, har a ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro. Daga nan sai jajayen tabo masu duhu a tsakiya su feso a fuska da ƙirji. A baƙar fata sukan fi kama da shuɗi-shuɗi. Abin da ke bambanta su da ƙurajen banza shi ne zafi: fatar tana raɗaɗi ko da riga ce ta taɓa ta. Leɓɓa su tsattsage, baki da al'aura su yi gyambo, fata ta yi bororo tana saluɓewa kamar ƙunar ruwan zafi.

Garkuwar jiki ce ke kai wa fata hari saboda maganin, don haka kowace ƙwaya da aka ƙara tana tsawaita ɓarnar, kuma an lura cewa waɗanda aka tsayar musu da maganin da wuri sun fi tsira. Idan aka ga waɗannan alamu, a dakatar da ƙwayar nan take, a tafi asibiti a ranar da kwalin a hannu. Mai farfaɗiya ba ya kwana a gida haka nan, domin dole likita ya musanya masa wani maganin kada farfaɗiyar ta taso. Wanda ya warke kuwa ba ya sake shan wannan maganin har abada.