An Janye Maka Tallafin Karatu Saboda Takarda Ɗaya? Ga Yadda Ake Neman a Sake Dubawa

Sunan ɗalibi kan fito a jerin waɗanda suka yi nasarar samun tallafin karatu, a yi murna a gida, 'yan uwa su yi ta barka, sai bayan 'yan makonni a kafe jerin waɗanda za a biya, ya duba sama da ƙasa babu sunansa. In ya je ofishin hukumar, amsar ba ta wuce kalmomi biyar: takardunka ba su cika ba. Daga nan wasu kan sallama su ce ba rabo. Wasu kuma su shiga neman wanda ya san wani. Kaɗan ne ke zama su rubuta takardar neman a sake duba hukuncin, a cikinsu ma mafi yawa sukan cika shafi biyu da labarin talauci da maraici, su mance da abin da jami'in da zai karanta yake nema.

Jami'in nan ba lallai ne mugu ba ne. Kuɗin tallafi kuɗin gwamnati ne, ko na wata gidauniya, kuma akwai masu binciken kuɗi da za su zo daga baya su ɗauki fayil su tambayi dalilin da ya sa aka biya wane. Hukumomin tallafi suna tsoron ɗaliban bogi da takardun jabu, shi ya sa ake tantancewa bayan an fitar da sunaye. Fayil ɗin da babu takarda a ciki, wanda ya sa hannu a kansa shi zai amsa tambaya. Saboda haka tausayi kaɗai ba ya dawo da suna. Abin da ke dawo da shi hujja ce da jami'in zai iya saka wa a fayil ya kare kansa da ita.

Hujjar kuwa tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: ranar da aka rufe karɓar takardu, ka cika sharaɗin ko ba ka cika ba? Akwai bambanci babba tsakanin wanda ya cika sharaɗi amma shaidarsa ta makara, da wanda bai cika shi ba sam. Ɗalibin da ya ci jarrabawa da makin da ake buƙata, amma jami'a ba ta fitar da sakamako mai hatimi ba, yana da magana mai ƙarfi. Wanda ya miƙa takardarsa ta salwanta a ofis, ko ya ɗora ta a shafin hukumar ta fito dishi-dishi ba ta karantuwa, shi ma haka. Amma wanda makinsa bai kai ba sai a zangon da ya biyo baya, ko wanda bai yi rajistar shekarar ba sai bayan wa'adi, abin da yake nema alfarma ce, kuma gara ya faɗi haka a fili da ya yi ta kwana-kwana.

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji biyu a jami'a, wadda hukumar tallafin karatu ta jiharsu ta ba ta gurbi. Wasiƙar da aka ba ta ta ce ta kawo abubuwa huɗu kafin 30 ga Yuni: takardar shiga jami'a ta JAMB, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, rasit na rajistar shekarar, da sakamakon jarrabawar aji ɗaya mai hatimin makaranta. Uku na farko suna hannunta. Na huɗun ne ya gagara, domin majalisar jami'ar ba ta zauna ta amince da sakamakon ba sai 18 ga Yuli. Irin wannan jinkiri ba baƙon abu ba ne a jami'o'inmu. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya birkita jadawalin kusan kowace jami'ar gwamnati. Ɗalibar ta buga sakamakonta daga shafin ɗalibai na intanet ta miƙa, ba hatimi ba sa hannu. Masu tantancewa suka ɗauke shi tamkar babu, aka cire sunanta.

Abu na farko da ya kamace ta shi ne ta san dalilin a rubuce. “Takardunki ba su cika ba” magana ce ta bakin taga, ba a gina ƙorafi a kanta. In an aiko da wasiƙa ko imel ko saƙon waya, ta adana shi. In ba a aiko ba, ta nemi jami'in da ke riƙe da fayil ɗin makarantarsu ya gaya mata ainihin takardar da aka ce babu, ta rubuta ranar da aka gaya mata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa takardar tana cikin fayil, suna ne ya saɓa. Takardar ƙaramar hukuma ta ce Aishatu, ta JAMB ta ce Aisha, ko kuma ɗaya ta ɗauki sunan mahaifi, ɗayar ta ɗauki sunan gari. Ga mai tantancewa, takardar da ke ɗauke da wani suna dabam ba taka ba ce. Wanda bai gano haka ba zai sake kai takardar da aka riga aka ƙi.

Daga nan sai ta koma wa wasiƙar ba da tallafin da sanarwar farko, ta karanta su da natsuwa: shin an ce sakamako “mai hatimi” ko sakamako kawai? An ba da kwanakin ƙorafi? An ce wa za a rubuta wa? In akwai wa'adi, shi ne gaba da komai. In babu, kada ta ɗauka tana da lokaci. Hukuma kan haɗa jerin biya ta tura a saki kuɗi, kuma da zarar jerin ya fita, ko an cike gurbin da wani daga masu jiran tsammani, gyara ya yi wuya ko da kowa ya yarda tana da gaskiya.

Aikin da ya fi muhimmanci ba a ofishin hukumar yake ba, yana jami'a. Takardu biyu take buƙata. Ɗaya shi ne sakamakon kansa, yanzu da hatimi da sa hannu. Ɗayar, wadda yawancin ɗalibai ba sa tunanin nema, gajeriyar wasiƙa ce a kan takardar jami'a mai tambari, daga ofishin rajistara ko jami'in jarrabawa na tsangaya, da ke cewa wance, mai lamba kaza, ta zauna jarrabawar aji ɗaya a wata kaza, ta sami maki kaza, kuma ba a amince da sakamakon ajinsu ba sai 18 ga Yuli. Sakamakon yana nuna ta cancanta. Wasiƙar tana nuna makarar ba daga gare ta ba ce, kuma ta rubuta jarrabawar tun kafin wa'adi. Ita ce takardar da jami'i zai nuna wa mai bincike. In jinkirin ya shafi ajinsu gaba ɗaya, zai fi kyau ofishin kula da harkokin ɗalibai ya rubuta wasiƙa ɗaya da jerin sunayen duk waɗanda abin ya taɓa, don hukuma ta fi sakin jiki da gyara wa rukuni a kan ta keɓe mutum ɗaya a zarge ta da son kai.

A nan ne mutane ke yawan kuskure da takardar rantsuwar kotu. Wanda takardarsa ta ɓace ko ta ƙone yakan ruga kotu ya yi rantsuwa, ya karɓi rahoton 'yan sanda, ya ɗauka ya gama. Waɗannan biyun suna shaida cewa ka ce ta ɓace ne kawai, ba sa maye gurbinta. Amfaninsu shi ne ka kai su ga wanda ya ba da takardar tun asali ya sake ba ka wata, ko ya tabbatar da kwafinta. Ta asalin ƙaramar hukuma sai a koma sakatariya, a wurare da yawa ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Ta haihuwa tana wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ta JAMB ana sake buga ta daga shafin hukumar, muddin an ba ka gurbin ta tsarin CAPS da aka fara a 2017. Wanda makaranta ta ɗauka ta bayan wannan tsari matsalarsa ta fi ta takarda, sai ya fara warware ta da makarantar da JAMB. Rantsuwa ta fi amfani a batun saɓanin suna. Kuma duk matsin da aka shiga, kada a bari mai shagon kwamfuta ya “gyara” kwanan wata ko ya ɗora hatimi. Takardar da ta makara ana iya yafe ta, ta jabu kuwa laifi ce da za ta iya cin karatun gaba ɗaya.

Ita wasiƙar, shafi ɗaya ya isa, kuma da Turanci ake rubuta ta tunda shi ne harshen ofis a Najeriya. Ana aika ta ga shugaban hukumar da muƙaminsa, galibi babban sakatare, ba ga ma'aikacin da kuka saba gaisawa ba. A sama ɗalibar ta sa cikakken sunanta yadda yake a takardar neman tallafin, da lambar nema, da makaranta da kwas da aji. Sakin layi na farko ya faɗi abin da ya faru da ranakunsa: an ba ni gurbi ran kaza, an janye ran kaza saboda rashin sakamako mai hatimi. Na biyu ya ba da dalili cikin jimla biyu ko uku, yana nuni ga wasiƙar rajistara. In da sakacinta a ciki, misali ba ta sanar da hukuma tun kafin wa'adi cewa sakamakon zai makara ba, ta amsa shi a jimla ɗaya ta wuce. Na uku ya faɗi abin da take roƙo ƙarara: a maido da sunanta a jerin biya na bana, in kuwa an riga an rufe shi, a sa ta a rukuni na gaba ba tare da ta sake nema daga farko ba. Wannan zaɓi na biyu yana da daraja, domin yana ba jami'in da ba zai iya buɗe jerin da aka rufe ba hanyar da zai ce to. Halin da gidansu ke ciki jimla ɗaya ta ishe shi. Zargi da barazanar kai magana gidan rediyo ba su da gurbi a wasiƙar farko.

A ƙasa ta jera abin da ta haɗa da lamba, ɗaya zuwa huɗu ko biyar, kwafi kawai, na asali su zauna a hannunta sai an nemi gani. Ta kai wasiƙar kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu, ta dawo da shi gida. In ta imel ne ko shafin hukumar, ta adana shaidar aikawa, ta kuma buɗe kowace takarda da ta ɗora ta tabbatar hatimin yana karantuwa. Bayan mako biyu ta koma da kwafin nan ta tambayi teburin da wasiƙar ta kai, in shiru ya yi yawa ta rubuta gajeriyar tunatarwa mai ambaton ranar ta farko.

In hukumar ta ƙi, ko ta yi gum, ana iya rubuta wa ma'aikatar da take ƙarƙashinta. Bayan ita akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofisoshi a jihohi, kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai dokarta ba ta ba ta damar shiga maganar da ke gaban kotu ba, ko wadda ta haura wata 12, ko wadda mai ƙorafi bai fara bin hanyoyin cikin gida ba. Kwafin nan mai hatimin karɓa shi ne shaidar an bi su. Mai tunanin zuwa kotu kuwa ya ga lauya da wuri, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara a kan abin da suka yi a bakin aiki.