Hitar da Ba Ta da Tanki: Lissafin Bokiti Kafin Ka Biya Kuɗi

A watan Satumba yayana ya sa aka ɗaura masa hita a banɗakinsa a Gombe, irin ƙaramar nan da ba ta wuce faɗin tiren shayi ba, wadda ba ta ajiye ruwa a cikinta. Kana buɗe famfo ta kama aiki, ruwa ya ratsa ta ya fito da zafi, kana rufewa ta mutu. Makonni ya yi yana yabonta. Da muku-mukun sanyi ya shigo a Janairu sai ya kira ni da sassafe, ya ce an sayar masa da jabu, ruwan ko ɗumi da ƙyar yake yi. Na je na duba. Hitar lafiyarta ƙalau. Abin da ta yi a Satumba shi take yi a Janairu, ruwan da ake ba ta ne ya canza.

Irin wannan hita ba ta san zafin da kake so ba, ƙari kawai ta sani. Tana da ƙarfi ƙayyadadde, tana kuma raba shi ga duk ruwan da ya wuce ta cikinta a minti ɗaya. In ruwan kaɗan ne, kowace lita ta samu rabo mai tsoka. In yana kwarara, rabon ya ragu. Don haka lamba biyu ake bukata kafin a je kasuwa: lita nawa shawarka ke zubarwa a minti, da kuma digiri nawa ne tsakanin ruwan da ke shigowa da ruwan da kake son wanka da shi. Tun da ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin makamashi daidai wa daida ko'ina a duniya, lissafin bai da wuya:

kW = (L/min × ΔT) ÷ 14.3

Wato ka ninka lita a minti da ƙarin digirin da kake nema, ka raba da 14.3, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin hitar da za ta ishe ka.

Muka ɗauko bokiti mai lita 10 muka tara a ƙarƙashin shawar, ɗansa na riƙe da waya yana duba lokaci. Ya cika a daƙiƙa 100, ke nan lita 6 a minti. Muka tsoma ma'aunin zafi a ruwan famfon sanyi bayan mun bar shi ya ɗan zuba: digiri 16. Ba mamaki, tankin roba ne a kan ƙarfe a tsakar gida, ya kwana yana shan iskar hunturu. Ruwan wanka mai daɗi yana wajen digiri 40, ke nan ana neman ƙarin 24. Shida sau 24 ya ba da 144, a raba da 14.3, ya zama kilowat 10 da ɗigo. A jikin kwalin hitarsa an rubuta 5.5 kW.

Juya lissafin ka ga abin da ya faru. Kilowat 5.5 a kan lita 6 a minti ba ya ƙara fiye da digiri 13. A Satumba ruwan tankin yana wajen 27, ka ɗora 13 ya zama 40, mutum ya yi wanka yana waƙa. A Janairu 16 da 13 sun tsaya a 29, wanda jiki ke jinsa kamar ruwan randa. In yana son 40 da wannan hitar dole ya matse famfo har ruwan ya koma lita 3 da ɗan ɗoriya a minti, zirara ce da ba ta wanke sabulu daga baya da sauri. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a gwada hita a lokacin da ba a bukatarta. Safiyar da ta fi sanyi a shekara ita ce ma'auni, kuma mutumin Jos ko na Mambila lissafinsa ya fi na mutumin Lokoja nauyi.

Sai ya ce to a sayo mai kilowat 10 a huta. Nan ma da sauran magana. A wutar gida mai bolt 230, kilowat 10 yana jan amfiya 43 da wani abu. Soket na yau da kullum amfiya 13 yake ɗauka. Wannan hita tana bukatar wayarta ita kaɗai tun daga allon raba wuta, mai kauri, galibi milimita murabba'i 10, da birekarta, da wayar ƙasa mai kyau, da na'urar da ke katse wuta idan ta fara yoyo, domin ruwa da lantarki ne a ɗaki ɗaya da mutum tsirara ba takalmi. Ƙaramin janareta ko inbatar gida ba sa ko kusantar wannan nauyi. Sannan ga abin da masu saidawa ba sa faɗa: ƙarfin da aka rubuta a kwali na cikakkiyar wuta ne. Idan wuta ta yi ƙasa, zafin yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi, domin da murabba'in bolt yake tafiya. Daga 230 zuwa 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi, mai 5.5 ta koma ƙasa da kilowat 4.

Banɗaki biyu a lokaci guda kuwa, lita 12 ne a minti, kilowat 20. Wannan ya fi ƙarfin wayarin yawancin gidaje, sai dai a koma ga mai gas. Su masu gas da lita ake yawan kiransu, mai lita 10, mai lita 12, kuma ma'anar lambar ita ce lita kaza a minti idan ƙarin digiri 25 ake nema. Mai lita 10 tana zuba wa ruwa wajen kilowat 17 da rabi. Amma dole hayaƙinta ya fita waje ta bututu, ba a kulle ta a banɗaki da mutum, saboda iskar gubar da ba ta da wari tana kisa. Ni dai a ganina, gidan da wutarsa ba ta da tabbas, tsohuwar hita mai tanki da ke jan kilowat 1.5 ko 2 a hankali ta fi masa rufin asiri, ko da ba ta da kyan gani a bango.

Wani abu ƙarami: hitar ba ta tashi sai ruwa ya kai wani gudu, galibi kusan lita 2 a minti. Tsayin mita 10 ne ke ba da matsin ba 1, don haka tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 kacal matsinsa rarrauna ne. Tanki na yin ƙasa, hitar ta fara kamawa tana saki.

Kafin in tafi na leƙa kicin na buɗe butar lantarkin matarsa. Gindinta fari fat, da ɓawo mai kauri kamar an shafa alli, ka sa farce ya ɓantare. Na ce masa wannan ita ce matsalarka ta baɗi.

Ruwan rijiyar burtsatse yana narkar da ma'adanai daga duwatsun da ya ratsa, musamman kalsiyam da maganisiyam. Inda ƙasa ke da dutsen farar ƙasa abin ya fi yawa, kuma ba sai an yi dogon bincike ba: inda aka kafa masana'antar siminti, kamar Ashaka a jihar Gombe, Kalambaina a Sakkwato, ko Malbaza a Nijar, saboda wannan dutsen aka kafa ta. A cikin ruwan sanyi ma'adanin a narke yake, ido ba ya ganinsa. Shi kuwa, ba kamar sukari ba, zafi ne ke fito da shi. Ruwa na ɗaukar zafi sai ya rabu ya manne a jikin abin da ya fi zafi, kuma daga digiri 60 zuwa sama mannewar tana sauri sosai. A awon ɗakin gwaji, ruwan da ya wuce miligiram 120 a lita ana ƙirga shi mai nauyin ma'adani, wanda ya wuce 180 kuma mai nauyi ƙwarai. A gida, buta da sabulun da ya ƙi kumfa sun isa shaida.

Hita mai tanki tana iya ɗaukar wannan na shekaru, ɓawon ya zube a gindinta. Marar tanki ba ta da wurin ajiye shi. Duk zafinta yana bi ta wani ɗan siririn bututu ne na jan ƙarfe ko kan wani ƙaramin ƙarfen ɗumama, kuma fuskar ƙarfen ta fi ruwan da ke fita zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa ɓawo ke kamawa ko da a 40 ka saita ta. Jan ƙarfe ya fi wannan ɓawo iya wuce da zafi fiye da sau ɗari, don haka ɗan shafi mai kaurin farce ya zama bargo. A mai gas, zafin da ya kasa shiga ruwa sai ya bi hayaƙi ya fita, silinda ta riƙa ƙarewa da wuri, bututun kuma ya yi ta gasuwa har ya tsage. A mai lantarki zafin ba ya da inda zai gudu, sai ya taru a jikin ƙarfen, na'urar kariya ta riƙa katse wuta, ƙarshe ƙarfen ya ƙone. A duka biyun hanyar ruwa tana tsukewa.

Alamun suna zuwa da yaudara. Da fari ruwan kan ƙara zafi, tun da gudunsa ya ragu, mai gida ya ɗauka hita ta gyaru. Daga nan sai zafi da sanyi su riƙa karɓa-karɓa a tsakiyar wanka, ka ji tana tsuwa kamar buta dab da tafasa, ramukan kan shawa su toshe da farin tsakuwa. Bokitin nan shi ne alƙali: rubuta daƙiƙoƙin da ya ɗauka ranar da aka ɗaura hitar. Idan 100 ta zama 140, ka wanke kan shawa da ragar tace ruwa ta mashiga amma ba ta dawo ba, ɓawo ne a ciki.

Wankinta da ruwa mai ɗan tsami ake yi. A kashe wuta ko gas, a rufe ruwan shiga da na fita, a haɗa tiyo biyu da ƙaramin famfon tura ruwa a cikin bokiti, a zuba farin ruwan kal na girki, wajen lita 15 ga babbar mai gas, ƙarama ba ta cin haka. A bar shi yana zagayawa minti 45 zuwa awa ɗaya, za ka ga kumfa, ruwan ya yi duhu-duhu. Sai a ɗauraye da ruwa mai kyau na wasu mintoci kafin a mayar da wuta. Sau ɗaya a shekara ya wadatar a mafi yawan wurare, inda buta ke fari cikin makonni kuwa duk wata shida. Kada a bar mai gyara ya zuba ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil, suna cin ƙarfen tare da ɓawon. Matatar zare da ake ɗaurawa a bakin tanki yashi take tarewa, narkakken ma'adani yana wuce ta salin-alin, sai na'urar tausasa ruwa mai amfani da gishiri ce ke cire shi.

Mai gyaran famfon da ya ɗaura ta yayana bai sa mata makullan da ake wankin da su ba, ya liƙe bututu kai tsaye. Sai da aka yanke aka sa su, aka canza kan shawa zuwa mai lita 4 a minti, wanda ya kai ruwan Janairu wajen digiri 36 idan wuta ta cika. Bokitin yana nan a bayan ƙofar banɗakin, an rubuta 150 a gefensa da maka.