Tsayin Iyaye Na Iya Faɗin Tsayin Ɗa? Lissafin Likitoci da Iyakarsa

Idan aka kai yaro asibiti da ƙorafin cewa sa'anninsa duk sun fi shi tsayi, likitan yara yakan sa mahaifi da mahaifiya su ma su tsaya a jikin ma'auni. Yana so ne ya san inda jinin gidan ya dosa, domin ɗan gajerun mutane da ya fito gajere lafiyarsa ƙalau, amma irin wannan tsayin a gidan dogaye na iya zama alamar ciwo. Lissafin da yake yi bai wuce tarawa da rabawa ba, kowa na iya yinsa a gida. Wurin da ake tuntuɓe shi ne fahimtar amsar da ta fito.

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga aikin likitan Birtaniya James Tanner da abokan aikinsa a 1970. Tushenta shi ne cewa a tsakaita, namiji baligi ya fi mace tsayi da kimanin santimita 13, wato inci 5. Saboda haka ba za a haɗa tsayin uwa da na uba kai tsaye ba, sai an daidaita su. In ɗa namiji ake wa lissafi, a ƙara 13 a kan tsayin uwa, a haɗa da na uba, a raba biyu. In mace ce, a cire 13 daga tsayin uba, a haɗa da na uwa, a raba biyu.

A ɗauki magidanci mai santimita 176 da matarsa mai 161. Ga ɗansu namiji, tsayin uwa ya koma 174, a haɗa da 176 ya zama 350, rabinsa 175. Ga 'yarsu kuwa, tsayin uba ya koma 163, a haɗa da 161 ya zama 324, rabinsa 162. Ke nan ana sa ran ɗan ya tsaya a wajajen 175, 'yar kuma a wajajen 162.

Sai dai wannan adadi tsakiyar fili ne kawai, filin kuma yana da faɗi. Abin da likitoci suka fi amfani da shi shi ne santimita 8.5 sama da 8.5 ƙasa, wasu ma sukan buɗa shi zuwa 10. Ɗan wannan magidanci na iya tsayawa ko'ina tsakanin 166.5 da 183.5 ba tare da wani abu ya same shi ba, 'yar kuma tsakanin 153.5 da 170.5. Ratar santimita 17 ke nan, kusan taƙi guda na hannun babban mutum. Wanda ya tsaya a ƙasan wannan rata za a iya ce masa gajere a unguwa, wanda ya kai samanta kuma dogo ne a idon kowa, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke. Yawanci dai sun fi taruwa a tsakiya: wajen biyu cikin uku ba sa nisa da adadin da ya wuce santimita 5. Akwai kuma 'yan kaɗan, wajen ɗaya cikin ashirin, da ke fita daga ratar gaba ɗaya suna lafiya lau.

Me ya sa ratar ta yi faɗi haka? Tsayi ba ƙwayar gado guda ce ke riƙe da shi ba, dubbai ne, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa. Kowane ɗa yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba, amma rabin da wa ya samu ba shi ne ƙane zai samu ba. Lissafin kuwa amsa ɗaya yake bai wa dukkan 'ya'ya maza na gida, don bai san rabon da ya faɗo wa kowannensu ba.

Akwai kuma karkata da lissafin ke yi a gidan dogaye sosai ko gajeru sosai. Francis Galton ya nuna wannan tun 1886, bayan ya duba tsayin iyaye 205, mata da miji, da 'ya'yansu manya 928. Ya ga 'ya'yan dogaye dogaye ne, amma a tsakaita ba sa kai iyayensu. 'Ya'yan gajeru kuma sukan ɗara nasu iyayen. A lissafinsa, kashi biyu cikin uku ne na fifikon iyaye ke sauka ga 'ya'ya. A ce uba 190 ne, uwa 175. Lissafin Tanner zai ba ɗansu 189. In matsakaicin tsayin maza a garin 170 ne, fifikon 19 ke nan, kashi biyu cikin ukunsa kuma wajen 13, sai hasashen ya sauko zuwa 183. Binciken da ya biyo baya ya nuna ja da bayan bai kai yadda Galton ya ƙiyasta ba, amma yana nan. Don haka dogayen iyaye su rage buri kaɗan, gajeru kuma su ɗan ƙara.

Wani kuskuren daga awon yake shigowa. Mutane da yawa tsayinsu na baka ne, maza musamman sukan yi wa kansu ƙari. In uba ya ƙara santimita 4, hasashen ɗansa ya tashi da 2. Mutum yakan fi tsayi da safe da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kan yamma, kuma tsayi na raguwa in shekaru sun ja. Awo na gaskiya sai an cire takalmi da hula ko ɗankwali, a kwance tulin gashi, a jingina dugadugai da baya a bango, a kalli gaba sosai, a ɗora littafi a kwance bisa kai, a yi alama a ƙarƙashinsa.

A ƙasar Hausa akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi. Lissafin ya ɗauka cewa iyayen sun kai iyakar tsayin da jininsu ya ba su. Uwar da ta tsumbure tun tana ƙarama saboda ƙarancin abinci ko yawan gudawa, tsayinta na yau ya gaza abin da ta gada, kuma abin da ta gada shi za ta miƙa. Ɗanta da ya samu abinci da kulawa na iya wuce hasashen da nisa. Haka kuma ɗan da ya tsumbure a shekarunsa biyu na farko na iya kasa kaiwa, ko da iyayensa dogaye ne. Haɗarin a nan shi ne a ga yaro gajere, a dubi iyayensa gajeru, a ce ai gado ne, alhali yunwa ce ta bi uwa ta kuma bi ɗa.

Shi ya sa likita ba ya tsayawa a kan lissafin kaɗai. Yana ɗora tsayin yaron a kan jadawalin girma, ya ga ko layin da yake bi zai kai shi cikin ratar gidansu. Yana kuma duba saurin girma: daga shekara 4 zuwa gab da balaga, yaro yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 a shekara. In ƙarin bai kai 4 ba, ko layin ya nufi ƙasa da ratar, sai a bincika abinci, sikila, ciwon ƙoda ko na hanji, da ƙarancin sinadaran girma na jiki. Sau da yawa akan ɗauki hoton ƙashin hannun hagu, domin ƙashi na nuna sauran lokacin girma da ya rage. Yaro ɗan shekara 14 da ƙashinsa ke nuna 12 mai jinkirin balaga ne, galibi yana da sauran tafiya. Wanda ya balaga da wuri kuwa zai fi kowa tsayi a aji, sannan ya tsaya sa'anninsa su wuce shi.

Abin da iyaye za su iya yi a gida shi ne auna yaro duk bayan wata shida, a bango ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, su rubuta da kwanan wata. Awo uku ko huɗu a jere sun fi gaya wa likita halin da yaron ke ciki a kan tsayin iyayensa.