Sabon Batir a Gefen Tsoho: Yadda Guda Ɗaya Ke Kashe Sauran

Mai shagon cajin waya yana da inbata mai aiki da bolt 24, da batura biyu da suka shekara biyu suna hidima. Sai ya lura wutar da ke kai shi asuba yanzu tana ƙarewa kafin sha biyun dare. Mai gyara ya zo ya gwada, ya ce guda ɗaya ne ya fi mutuwa. Da yake kuɗin batir ba wasa ba ne, sai aka sayo sabo ɗaya aka jona shi da tsohon da ya rage. Bayan wasu watanni matsala ta dawo, har sabon ma ya fara gazawa, mai shago ya hau zargin an sayar masa da jabu. Sau da yawa ba jabu ba ne. Haɗin ne ya cinye shi.

Hanyoyin haɗa batura biyu ne. Ta farko ita ce jeri, wadda masu gyara ke kira siris: a ɗauko kan fosatib na wannan batir a haɗa da kan negatib na wancan, kamar yadda ake zura batura a tocila, kan wani a gindin wani. A nan bolt ne ke taruwa. Batura biyu da aka rubuta wa 12V 200Ah za su ba da bolt 24, amma Ah ɗin yana nan a 200. Shi Ah ma'aunin cikin batir ne, wato yawan wutar da zai iya ajiyewa. Hanya ta biyu ita ce faralel, kafaɗa da kafaɗa: fosatib da fosatib, negatib da negatib. A nan bolt yana tsayawa a 12, cikin ne ke ƙaruwa ya zama 400Ah. Ajiyar wutar dai ɗaya ce ta kowace hanya. Abin da ya sa ake son jeri shi ne, idan bolt ya hau, gudun wuta a cikin waya yana raguwa. Kayan da ke jan wat 1,200 suna bukatar kimanin amf 100 a bolt 12, amma amf 50 ne a bolt 24, waya ba za ta yi zafi sosai ba, kuma ba sai an sayi mai kaurin gaske ba.

A jeri hanyar wuta ɗaya ce tak. Duk amf ɗin da ya ratsa batir na farko, shi ne zai ratsa na biyu, babu mai taimakon wani. Mu koma shagon nan. A ce tsohon batir ya gaji har cikinsa ya dawo 120Ah, ko da yake rubutun jikinsa na nan a 200, kuma fitilu da fanka da caja suna jan amf 20. A lissafi mai sauƙi, cikin awa shida tsohon ya zama fanko, alhali sabon yana riƙe da wajen 80Ah da ba za a mora ba. Wato an biya kuɗin 200, ana shan aikin 120.

Abin bai tsaya nan ba, domin inbata ba ta ganin batura ɗaya bayan ɗaya, jimillarsu kawai take gani. Da yawa an saita su su kashe kansu a wajen bolt 21, bisa zaton kowane batir ya sauko 10.5. To idan sabon yana 12, sai tsohon ya nutse har 9 kafin jimilla ta kai 21. Irin wannan tatsa tana lalata batirin dalma ƙwarai, kuma kowane dare ake maimaita ta.

Lokacin caji kuma lamarin ya juya. Caja tana neman ta kai jimillar wajen bolt 28.8, wato 14.4 ga kowanne. Tsohon, saboda ƙanƙantar cikinsa da taurin da ya yi, shi ke fara haurawa, yana iya kaiwa 15.5 yana tafasa, ruwansa na ƙonewa. Sabon kuwa an bar shi a 13.3, caja ta ga lissafi ya cika ta sassauta. Batirin dalma da ke kwana bai cika ba, wani farin gishiri da ake kira salfet yana daskarewa a jikin farantansa, yana rage masa ciki a hankali. Ta nan ne sabo ke tsufa da wuri. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma a nan waken har ƙara ruɓewa yake yi kullum.

A faralel cutar daban ce. Ka ɗauki randuna biyu da aka haɗa gindinsu da tiyo: dole ruwansu ya zama daidai, kuma idan ɗaya ta tsage, lafiyayyar ma za ta tsiyaye ta cikinta. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne da kimanin bolt 2.1. Idan ɗaki ɗaya ya yi shot, batirin ya koma wajen 10.5, sai lafiyayyen ya yi ta ɗura masa wuta dare da rana ko babu abin da aka kunna. Za a ji jikinsa da zafi, wani lokaci ya kumbura, kuma wannan hanya ce ta gobara. Ko batura lafiya lau ma wayar haɗi na iya raba musu aiki ba daidai ba. Idan an ɗauki wayoyin inbata duka biyu daga batirin farko, shi zai fi shan wahala. Gara a ɗauki fosatib daga na farkon layi, negatib daga na ƙarshe.

Akwai wata ɗabi'a da ke damuna matuƙa: jan wayar fitila ko fanka mai bolt 12 daga batir guda a cikin jerin 24. Wannan ƙirƙirar rashin daidaito ne da hannu, ko da baturan ranar ɗaya aka kawo su daga kanti.

Gano mai laifi ba wuya. Da ƙaramar mita, a auna kowane batir shi kaɗai, sau biyu: lokacin da inbata ke ɗauke da kaya bayan ta yi awa biyu tana aiki, da kuma dab da cikar caji. Wanda ya fi faɗuwa a ƙarƙashin kaya, kuma ya fi hawa a caji, shi ne ya gaji. Tazarar da ta kai rabin bolt a jeri ɗaya abin dubawa ce. Awon da ake yi batir na hutawa yana ruɗi, don mataccen batir ma yakan nuna 12.6 jim kaɗan bayan an cire shi daga caji, sai an ɗora masa kaya asirinsa ya tonu.

Shawarata ga irin mai shagon nan ita ce ya canza baturan jeri gaba ɗaya, kamfani ɗaya, Ah ɗaya, shekaru ɗaya, kuma ya cika kowanne da caji kafin a haɗa. Akwai ƙaramar na'urar daidaita batura da ake maƙalawa a tsakaninsu, tana gyara ƙaramin bambanci, amma ba ta mayar da 120 ya koma 200. Tsohon da ke da sauran rai a ware shi da tasa cajar, ya riƙa ɗaukar fitilun bolt 12 na ƙofar shago. Sannan a nema wa sababbin inuwa da iska, domin duk ƙarin zafi na wajen digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar batirin dalma kusan biyu, kuma ɗakin kwano a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba.